Yadda za ka rubuta wa shef takardar neman aiki mai sauƙi in ka ji ciwo a wuyan hannu

Takardar nan da yawancin ma'aikata ke rubutawa in sun ji ciwo a hannu, ta "don Allah shef a taimaka mini a rage mini aiki saboda hannuna na ciwo", ba ta zuwa ko'ina, kuma ba lallai don shef mugu ne ba. Shef ɗin ekip shina da layi da zai cika da mutane kowace safiya, shina da adadin palet da ake jira ya fitar kafin a tashi, in ka ce mishi "a rage mini aiki" ka ba shi aikin tunani ne, shi ya zauna ya gano mi kake iyawa, mi ba ka iyawa, ina zai sa ka, wa zai tsaya wurinka, har yaushe. Ba zai yi ba. Ko ya ce ka koma gida sai ka warke, ko ya ce to ka riƙa yi a hankali, wanda ma'anarshi ka koma aikinka na da. Takardar da ke aiki ita ce wadda ta riga ta yi mishi wannan tunanin, abin da ya rage mishi ya ce i kawai ya sa hannu.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. A ce ma'aikaci ne a wani izin na ruwan kwalba a zon andistiriyel ta Yamai, aikinshi jera fakitin ruwa bisa palet a ƙarshen layi. Fakiti mai kwalba 6 na lita ɗaya da rabi kilo 9 ne, ban da nauyin roba, kuma ɗauka ake ana juyawa ana ajewa tun safe. Ran Litinin 3 ga Fabrairu 2025 ya zame a ƙasa mai jiƙa, ya tokare da tafin hannun dama, wuyan hannun ya kumbura. Albashinshi jika 90 a wata. Za mu kira shi Wane.

Kafin ka taɓa biro da takarda

Abu na farko ba wasiƙa ba ne, shi ne a rubuta cewa a wurin aiki ka ji ciwon. Ka faɗa ma shef a ranar, a gaban mutane, ka riƙe sunan mutum biyu da sunka ga faɗuwar. Bisa doka patoro ne ke kai sanarwar hatsarin aiki cikin awa 48, kuma CNSS, wadda muke ce ma Kes, ita ke ɗaukar kuɗin magani da kuɗin kwanakin da ba ka aiki in an yi maka rajista. Hatsarin da ya same ka bisa hanyarka ta zuwa aiki ko ta komawa gida shi ma yana ciki, don masu faɗuwa da moto su sani. In ka yi shiru ka ɗaure hannu da tsumma ka ci gaba, bayan sati biyu ka zo kana cewa a izin ne, za a ce wa ya sani ko ƙwallo ka buga ran Lahadi, kuma ba ka da abin da za ka amsa da shi. In kuma ka ga patoro na jan ƙafa, kai da kanka kana iya zuwa wurin sufeton aiki ko Kes ka kai maganar.

Sai likita. Nan zan daɗe kaɗan don duk ƙarfin wasiƙarka daga nan yake fitowa. Wuyan hannu ƙananan ƙasusuwa 8 ne jere biyu, ga kan ƙasusuwan hannu biyu da sunka zo sunka haɗu da su, ga jijiyoyi ta ko'ina, shi ya sa "targaɗe ne kawai" ba magana ba ce da za ka yanke da kanka. Akwai wani ɗan ƙashi a gindin babban yatsa da ke yawan karyewa in mutum ya faɗi bisa tafin hannu, kuma abin haushi sau da yawa karayarshi ba ta fitowa a radiyo ta ranar farko, sai an sake ɗauka bayan kwana 10 zuwa 14. Yadda za ka yi zarginshi, ka miƙe babban yatsa, za ka ga wani ɗan rami a gefen wuyan hannu ta wajen yatsan, in ka danna nan ka ji zafi mai tsini to ka gaya ma likita ka nemi a sake radiyo ko da ta farko ta fito lafiya. Ƙashin nan jini ba ya isa gare shi sosai, in anka bar shi mutum na ɗaukar kaya yana iya ƙin haɗewa, daga baya sai tiyata. Ƙaramin targaɗe na iya lafawa cikin sati biyu, mai ƙarfi ya kai shida ko fiye, karayar kan ƙashin hannu kusan sati 6 cikin filasta, shi kuwa ɗan ƙashin nan yana iya kai sati 12. Ka ga bambancin ba ƙarami ba ne, kuma kwanakin da za ka rubuta a wasiƙa daga nan za su fito.

Na san da yawa cikinmu wurin maɗori muke fara zuwa, ba zan yi gardama da kowa bisa wannan ba a nan. Amma maɗori ba ya ba da sartifika, kuma biro ba ya karɓar "malam ya ce in huta".

Abin da za ka roƙi likita ya rubuta ya fi "hutu kwana 20". Takardar hutu daban, takardar komawa aiki da sharaɗi daban. Lokacin da ka koma ya duba ka, ka kwatanta mishi aikinka da hannu, ka ce ina ɗaga kilo 9 daga nan zuwa nan, ina murɗa hannu haka, daga safe har yamma. Likita bai taɓa tsayawa a ƙarshen layi ba, in ka ce "ina aiki a izin" ba zai san mi zai hana ba. Ka nemi ya rubuta abu uku a fili: nauyin da ba za ka wuce ba da wannan hannun, motsin da aka hana kamar murɗawa da damƙa da ƙarfi da riƙe inji mai karkarwa, da ranar da zai sake dubawa. A misalinmu likita ya ga targaɗe mai ƙarfi ba karaya, ya ba Wane hutu har 23 ga Fabrairu, ya ce daga 24 yana iya aiki da abin ɗaure hannu, kar ya ɗaga fiye da kilo 2 da hannun dama, ba murɗawa, na sati 4, ya dawo 20 ga Maris. In izin ɗinku na da likitanta ko infirmiye, ka kai mishi takardar ya gani kafin ta isa wurin shef, don shi za a tambaya ƙarshenta.

Wata magana ta kuɗi da ya kamata ka lissafa da idonka a buɗe. Kes na biyan rabin albashin yini a kwana 28 na farko, daga kwana na 29 kashi biyu cikin uku. Wane mai jika 90, yininshi 3.000 ne, ke nan 1.500 a yini, daga baya 2.000, kuma sai an gama haɗa takardu kuɗin ke fitowa. Wannan ne ke sa mutane gudu su koma aiki hannu bai yi ba, ga haya ga cefane. Na fahimta sarai. Amma kar ka rubuta takardar neman aiki mai sauƙi kana cikin kwanakin hutun da likita ya ba ka da niyyar ka fara gobe. In likita ya ce hutu, hutu ne. Kana iya aika wasiƙar cikin hutun, hasali ma ya fi, amma ranar farawa da za ka sa ita ce wadda likita ya yarda.

Ka zagaya izin da idonka

Wanga shi ne matakin da kusan kowa ke tsallakewa. Ka zauna ka lissafa ayyukan da ke akwai da gaske a wurinku waɗanda hannu ɗaya da rabi ke iya yi. Ba aikin da kake mafarki ba, kar ka ce a kai ka biro in ba ka taɓa taɓa ordinater ba, dariya za a yi. A izin irin ta Wane akwai ƙirga palet da ke fita zuwa kamiyo da rubuta su a kaye, akwai tsayawa bakin layi ana duban kwalbar da ba ta cika ba ko wadda marfinta ya karkace, akwai duba kwanan wata da lambar da inji ke bugawa jikin kwalba, akwai taimaka ma magazinye wurin ƙirgar kaya. Ka zaɓi biyu ko uku, ka gwada kowane a kanka da gaskiya. Misali manna takardar shaida bisa karto kamar aiki ne marar nauyi, amma motsi ɗaya ne na wuyan hannu sau ɗaruruwa a yini, ga mai ciwon jijiya ya fi ɗaukar buhu ɗaya illa. Shara ma haka, mutane na ɗauka aiki ne mai sauƙi, alhali duk murɗa hannu ce. Tuƙa sharyon palet na hannu kuwa kar ma ka sa shi, ja da turawa duk a wuyan hannu suke sauka. Kuma in hannun da ka ji ciwo shi ne na rubutu, ka gwada riƙe biro minti goma a gida kafin ka yi alkawarin cika kaye.

Sannan ka yi tunanin wa zai tsaya wurinka. In akwai abokin aiki da ke ƙirgar palet kuma zai yarda ku yi musanya na wata ɗaya, ka yi magana da shi tukuna, in ya yarda ka sa a wasiƙa. In bai yarda ba kar ka sa sunanshi, za ka jawo gaba a banza.

Kafin takarda ta isa, ka ga shef da baki. A nan ƙasar takarda da ta faɗo ma mutum ba sallama kamar ƙara ce. Ka same shi lokacin da ba ya cikin hayaniyar canjin ekip, ku gaisa, ka ce "Shef, likita ya ce in dawo ran 24 amma da sharaɗi, zan kawo maka takarda don ka samu abin da za ka nuna a sama." Ka lura da wannan jimlar ta ƙarshe, ita ke sa ya ji takardar kariya ce gare shi, domin shi ma akwai wanda zai tambaye shi mi ya sa ya ɗauke mutum daga layi.

Ita kanta wasiƙar

Shafi ɗaya. In ta wuce shafi ɗaya ka sa abin da bai kamata ba. Ga ta Wane yadda zan rubuta ta:

Yamai, 19 ga Fabrairu 2025

Daga: Wane ɗan Wane, mai jera palet a layi na biyu, ekip ɗin safe, lambar ma'aikaci kaza
Zuwa ga: Shugaban ekip ɗin safe
Kofi: biron ma'aikata, da wakilin ma'aikata

Magana: neman canjin aiki na wucin gadi, daga 24 ga Fabrairu zuwa 21 ga Maris 2025, saboda ciwon wuyan hannu

Ranka shi daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Kamar yadda ka sani, ran Litinin 3 ga Fabrairu 2025 na faɗi a wurin aiki na ji ciwo a wuyan hannun dama, na kuma sanar da kai a ranar. Likita ya ba ni hutu har zuwa 23 ga wata, ya yarda in dawo aiki ran Litinin 24 ga Fabrairu bisa sharaɗin kar in ɗaga abin da ya wuce kilo 2 da hannun dama, kar in yi aikin murɗa hannu, kuma in riƙa sa abin ɗaure hannu, har tsawon sati 4. Ga kofin takardarshi na haɗo.

Aikina na yanzu ɗaga fakiti ne mai kilo 9, don haka ba zan iya yin shi cikin wannan lokaci ba. Amma ina iya cika awowina gaba ɗaya a ɗaya daga cikin waɗannan: ƙirga palet da ke fita da rubuta su, ko duban kwalabe a bakin layi, ko taimaka ma magazinye wurin ƙirga ba tare da ɗaukar kaya ba. In kana da wani wuri da ya dace da sharaɗin likita, a shirye nake.

Ina roƙon a yi mini wannan canji daga 24 ga Fabrairu zuwa 21 ga Maris, ina nan bisa matsayina da albashina. Likita zai sake duba ni ran 20 ga Maris, zan kawo muku abin da ya rubuta washegari, da niyyar in koma aikina na da da zarar ya yarda.

Zan so in samu amsarka kafin ran Juma'a 21 ga Fabrairu don in san inda zan tsaya ran Litinin.

Na gode, Allah ya ƙara girma.

Sa hannu, da lambar waya

Yanzu bari in ce wani abu bisa wasu layuka, don kar ka kwafe kawai ba ka san abin da ke riƙe da ita ba.

Layin "magana", wanda ake ce ma obje, shi ne kaɗai wasu za su karanta a biro. Shi ya sa kalmar "wucin gadi" da ranakun biyu suke ciki. Babban tsoron shef shi ne ka zauna wurin ƙirga ka ƙi tashi har abada, sauran ma su fara kawo nasu ciwon baya. Ranar ƙarshe a rubuce ita ke kashe wannan tsoron. "Har in warke" ba rana ba ce, kar ka rubuta haka.

Ka ga ban sa yadda hannun ke hana shi barci ba, ban sa yara nawa yake ciyarwa ba, ban sa shekara nawa ya yi yana ma kamfani bauta ba. Duk gaskiya ne mai yiwuwa, amma takarda ce da za ta zauna cikin dosiyenka, kuma abin da ake yanke hukunci da shi kilo ne da kwanan wata. Haka ban sa cewa ƙasan ta jiƙe don ba a gyara bututun da ke yoyo ba. In akwai wannan maganar tana da wurinta, wurin wakilan ma'aikata da takardar sanarwar hatsari, in ka cusa ta nan shef zai karanta wasiƙar yana neman yadda zai kare kanshi, ba zai ma kai ga roƙonka ba. Abin da kawai ya wajaba ya fito shi ne a wurin aiki ne, ranar kaza, kuma an sanar.

Sai ka lura da "kilo 2" da "kilo 9" kusa da juna. Wannan ita ce hujjar gaba ɗaya, ba wanda zai yi gardama da ita. In ba ka san nauyin abin da kake ɗauka ba ka duba jikin karto ko ka ɗora shi a sikeli, lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, buhun siminti 50. Kuma ka kwafe sharaɗin likita yadda ya rubuta shi, kar ka ƙara kar ka rage. Wasu na ƙarawa don a tausaya musu, sai a buɗe sartifika a ga ba haka ba, shi ke nan an daina yarda da sauran. Wasu kuma, kuma sun fi yawa, ragewa suke don kar a ce ragwaye ne, likita ya ce 2 su rubuta "ina iya ɗaukar abu marar nauyi sosai", sai ka ga an ba su karto mai kilo 6 an ce ai ba nauyi.

"Ina nan bisa matsayina da albashina" ƴan kalmomi ne amma kar ka bari su faɗi. Ba ka neman a sauya maka kontira, aron wuri kake nema. In akwai firim da ake biya bisa yawan abin da layi ya fitar, ka tambaya da baki tun farko ko za ta tsaya a wannan watan, gara ka sani yanzu da ka gani a takardar albashi. Kuma in anka kawo maka wata takarda anka ce sa hannu don a canza maka wuri, ka karanta, ko ka kai ma wakilin ma'aikata ko ɗan sandika ya karanta maka, ka tabbata akwai ranar ƙarewa ciki kuma ba a saukar da kai aji ba.

Game da harshe, tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, amma takardun biro na kamfanoni da Faransanci ake yin su, don haka ka tsara taka da Hausa yadda ka fahimce ta sarai, sannan wanda ya iya ya mayar maka. Ka ce ya karanta maka abin da ya rubuta ya fassara layi layi. Masu rubuta ma mutane takarda na son dogayen gaisuwa da kalmomin girmamawa, ba laifi, amma ka tsaya a kan cewa lambobin nan da ranakun nan da ayyukan uku su fito yadda suke. Rubutun hannu mai tsabta ya isa, in ka samu a buga maka a sakatariya ya fi.

Miƙa ta

Ka yi fotokofi uku na wasiƙar da na sartifika. Asalin sartifika ya zauna gida wurinka sai in Kes ko biro sun nemi shi, kuma ko sun nema ka riƙe kofi. Ka ba shef tashi hannu da hannu, ka kai ɗaya biron ma'aikata, a nan ka nemi a buga maka tambari da kwanan wata a kan taka kofin, a sa hannu cewa an karɓa. Sakatare na iya cewa "aje kawai za a gani", ka yi murmushi ka ce don Allah a sa mini alamar karɓa, ka tsaya har a sa. Takardar da ba ta da shaidar karɓa, ranar da rigima ta tashi, ba a taɓa ganinta ba. Ka ɗauki hoton mai tambarin da waya. Tura ma shef hoto ta WhatsApp yana da amfani don ya tuna, amma ba ya maye gurbin tambari.

Ka aika kwana huɗu ko biyar kafin ranar komawa, kamar yadda Wane ya yi ran Laraba don Litinin. In ka zo da ita a aljihu ran Litinin da safe ana cikin rabon wuri, amsar da za ka samu ita ce "tsaya wurinka yau, za mu gani".

In sun ce i, in sun ce a'a

In shef ya ce i da baki, ka roƙe shi ya rubuta a ƙasan kofinka "na yarda", wurin da anka sa ka, ya sa hannu. Dalili, shef na iya tafiya konje ko a canza maka ekip, sabon ya zo ya ga ƙato na zaune yana ƙirga ya ce tashi.

Matsalar da ta fi yawa ma ba ƙi ba ce, zamewa ce a hankali. Kwana biyu na farko lafiya lau. Rana ta uku kamiyo ya zo mutane sun yi kaɗan, wani ya ce Wane kama mana nan guda biyu kawai, kai kuma kunya, ga abokai na gumi kana riƙe da kaye. Ka kama biyu, gobe goma, kafin sati ya ƙare ka koma layi ba wanda ya ce ka koma. Ka shirya amsarka tun daga gida, gajera ba faɗa: "Ku yi haƙuri, likita ya hana har 21 ga Maris, shef na da takardar." Kuma abin ɗaure hannun ya zauna a hannunka inda kowa ke gani, shi ke yi maka rabin bayanin.

Hannun da kanshi zai gaya maka ko aikin da anka ba ka ya yi mishi yawa. Ɗan tsami da yamma wanda ya tafi kafin safe ba komai ba ne. Amma in ka tashi da safe ya fi jiya kumburi, ko zafin na ƙaruwa kullum maimakon raguwa, ko babban yatsa da manuni da na tsakiya na yin sanyi da tsikari musamman da dare, ko abu na suɓuce maka daga hannu, ka koma likita kar ka jira 20 ga Maris. Wanda ke cikin filasta kuwa, in yatsu sun kumbura sun canza launi, sun yi sanyi ko ba ya jin su, wannan na ranar ne, ba a kwana da shi. In likita ya ƙara kwanaki, sabuwar takarda za ka rubuta, layi huɗu sun isa: ka ambaci ta 19 ga Fabrairu, ka haɗa sabon sartifika, ka sa sabuwar ranar ƙarshe, a sake buga tambari.

In sun ce ba su da wuri, yana iya zama gaskiya, ƙaramar izin mai mutum goma sha wani abu ba ta da aikin ƙirga na yini guda. To kar ka ce bari in gwada aikina na da. Ka nemi su rubuta maka cewa babu wurin da ya dace da sharaɗin, ka kai ma likita, shi ya duba ko zai tsawaita hutun, don ya yarda ka dawo ne bisa sharaɗin da ba a samu ba. Kar kuma ka zauna gida haka kawai ba takarda, wannan shi ake rubutawa a matsayin ƙin zuwa aiki, kuma da shi ake korar mutum. Dokar aiki ta Nijar, mai lamba 2012-45 ta 25 ga Satumba 2012, ta ɗauki lokacin da mutum ke jinyar hatsarin aiki a matsayin dakatar da kontira, ba ƙarewarta ba, amma sartifika ne ke nuna kana cikin wannan lokacin, don haka kowace rana daga 3 ga Fabrairu har ranar da ka koma layi ta kasance akwai takardar da ta rufe ta, ko ta hutu ko ta canjin wuri.

In kuma abin ya zama matsi, ana cewa ko ka ɗauki kaya ko ka aje aiki, kar ka sa hannu a takardar murabus ko da an ce maka ta wucin gadi ce. Ka fara da wakilin ma'aikata, in bai warware ba ku tafi wurin sufeton aiki na jihar Yamai, na Tawa kuma su je na Tawa. Ka tafi da kofin wasiƙa mai tambari, sartifika duka bi da bi, takardar sanarwar hatsari in ka samu kofinta, takardun albashi na watannin baya, da katinka na Kes.